Lissafin Kayan Haɗi a Ƙaramin Gidan Burodi a Katsina: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi don mai gidan burodin da ke kwaɓa buhu uku zuwa goma ne a rana, yana kai wa masu shayi da masu tireda a cikin garin Katsina da kewaye. Adadin da za ka gani na haɗi ɗaya ne da muka ɗauka don yin misali. Naka zai iya bambanta, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Mece ce takardar haɗi, kuma me ake rubutawa a cikinta?

Takarda ce guda ɗaya da ke faɗin duk abin da ke shiga buhun fulawa ɗaya mai kilo 50, kowanne da nauyinsa a sikeli. Da buhu ake farawa domin da shi ake saye, da shi ake kwaɓi, kuma da shi ma'aikata ke ƙirga aikinsu. Ga haɗin da za mu yi ta amfani da shi har ƙarshe, na burodi mai laushi mai ɗan zaƙi irin wanda masu shayi ke so:

- fulawa, kilo 50
- ruwa, lita 27, wato kilo 27
- sukari, kilo 6
- bota, kilo 2
- madarar gari, kilo 1
- gishiri, giram 900
- yis, giram 500
- sinadarin gyaran kwaɓi, wanda ake ce wa imfuruba, giram 150
- maganin fumfuna, giram 150

Idan ka tara su, kwaɓin ya kai kilo 87.7. A ƙasan wannan jeri sai a bar wuri don abubuwan da ba sa shiga cikin kwaɓi amma ba a yin burodi sai da su: leda, man shafa gwangwani, fulawar barbaɗe a kan tebur, icce ko gas, da man janareta. Kowane irin burodi da takardarsa. Mai kwakwa ko mai yawan madara ba ya hawa takardar burodin shayi, ko da bambancinsu abu biyu ne kacal.

Mai kwaɓinmu ya san haɗinsa da ka, da kwano da gwangwanin madara yake awo. Me zai sa a wahalar da shi da sikeli?

Domin kwano ba ya cika iri ɗaya sau biyu. Yau an yi masa tozo, gobe an shafe bakinsa, jibi sukarin ya ɗan sha danshi ya dunƙule. A ce bambancin giram 500 ne a kowane buhu. Gidan da ke kwaɓa buhu biyar a rana ya yi asarar kilo biyu da rabi na sukari kullum, a wata kilo 75, buhu ɗaya da rabi ke nan, kuma babu wanda ya ɗauki komai. Hannu ne kawai ya yi nauyi.

Gishiri da yis sun fi sukari haɗari, saboda kaɗan ake sawa, kuskure kaɗan kuma yana bayyana a burodin. Gishiri in ya yi yawa yana danne yis, kwaɓi ya ƙi tashi a kan lokaci. In ya yi kaɗan kwaɓin ya yi ta danƙo a hannu, ya tashi da gaggawa, burodin ya fito lami. Saboda haka sikeli biyu ake bukata: babba na ƙasa don fulawa, sukari da ruwa, da ƙarami mai nuna giram ɗaya-ɗaya don yis, gishiri da sinadarai. Babban sikeli ba ya auna giram 150 daidai.

Akwai kuma ranar da mai kwaɓin zai kwanta rashin lafiya ko ya tafi ƙauye biki. Haɗin da ke kansa ya tafi tare da shi. Wanda ke manne a bango cikin leda yana nan.

Burodi nawa ya kamata buhu ɗaya ya ba ni?

A nan ne mafi yawan lissafi ke karkacewa, don haka bari mu tsaya a kai. Kilo 87.7 ɗin nan ba duka ke isa gwangwani ba. Wani yana maƙalewa a jikin injin kwaɓi, wani a injin murji, wani a tebur da hannun ma'aikata, kaɗan kuma yana tafiya a iska yayin da kwaɓi ke hutawa. Ka cire kashi biyu cikin ɗari, ya rage kusan kilo 86. Wannan ne adadin da za ka riƙe: buhu ɗaya, kilo 86 na kwaɓin yanka.

Yanzu sai ka raba shi da nauyin curin da kake yankawa. In babban burodi giram 900 kake yanka masa, buhu zai ba ka 95. Matsakaici mai giram 450 zai ba ka 191. Ƙarami mai giram 225 zai ba ka 382.

Kula da abu ɗaya: nauyin curi ɗanye ake lissafi da shi, ba nauyin burodin da ya fito daga tanda ba. Gashi yana ƙone ruwa, burodi yana rasa kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na nauyinsa tsakanin shiga tanda da hucewa. Curin giram 900 yana komawa wajen 800, na 450 ya koma wajen 400. Wanda ya ɗauki burodin da ya huce ya auna, ya ga giram 400, ya raba kilo 86 da shi, zai sa ran burodi 215 a buhu. Da safe ya ƙirga 191, ya fara zargin yaransa da 24 ɗin da tun asali ba su wanzu ba.

Akasin haka ma yana faruwa. Mai yanka in ya saba da ido, ya daina ɗora kowane curi a sikeli, hannunsa yakan ƙara. Ƙarin giram 20 a curin 450 ba ya ganuwa, amma kilo 86 a raba da 470 burodi 183 ne maimakon 191. Takwas sun tafi a kowane buhu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a tsakiyar yanka ka ɗauki curi goma daga tebur ba tare da zaɓe ba, ka ɗora su gaba ɗaya. In na 450 ne, sikeli ya nuna kilo huɗu da rabi. Ya nuna 4.7, ka san inda burodinka ke tafiya.

Ta yaya zan juya odar gobe ta zama adadin buhuna?

Daga burodi ake farawa a koma baya zuwa fulawa. A ce masu shayi da masu tireda da ke karɓa a wurinka, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, abin da suke ɗauka a rana shi ne babba 200, matsakaici 400, ƙarami 300.

Babba 200 sau giram 900 kilo 180 ne. Matsakaici 400 sau 450 shi ma kilo 180. Ƙarami 300 sau 225 kilo 67.5. Jimilla kilo 427.5. Amma ba duk abin da ya shiga tanda ke fitowa na sayarwa ba. Na kusa da bakin wuta yakan ƙone, wani ya lotsa wajen zazzagewa daga gwangwani. Ka ƙara kashi biyu cikin ɗari don wannan, ya zama kilo 436. Raba da 86, ka samu buhu 5.07.

Wannan ɗan 0.07 shi ne wurin yanke shawara. Buhu biyar cif kilo 430 zai ba ka, saura kilo shida, kusan ƙananan burodi 27. Buɗe buhu na shida a kwaɓa shi duka kuskure ne, don za ka wayi gari da kilo 80 na burodin da babu mai jiransa, ya zama kwantai. Abin yi shi ne a ƙara kilo uku da rabi na fulawa a kwaɓin ƙarshe, a ƙara sauran kayan gwargwadonsa. Kowane kilo ɗaya na fulawa a wannan haɗin yana ɗaukar ruwa giram 540, sukari 120, bota 40, madara 20, gishiri 18, yis 10. Wannan layin ma a rubuta shi a takardar, don ranar da za a yi rabin buhu ko kwata kada a koma kintace.

To na mako guda fa, me zan saya?

Buhu 5.07 sau kwana bakwai buhu 35 da rabi ne. Da wannan adadin za ka ninka duk abin da ke takardar. Sukari kilo 213, wato buhu huɗu mai kilo 50 da ɗoriyar kilo 13. Bota kilo 71. Madara kilo 35 da rabi. Gishiri kilo 32. Yis kilo 17.75, fakiti 36 in mai giram 500 kake saye. Imfuruba da maganin fumfuna kowanne kilo biyar da ɗan ɗori.

Fulawar kanta sai an ƙara mata ta barbaɗe. In rabin kilo ke tafiya a tebur da injin murji a kowane buhu, a mako kusan kilo 18 ne, sai jimillar ta tashi buhu 36.

Leda kuwa da ƙirga ake sayenta, kowane girma daban: babba 1,400, matsakaici 2,800, ƙarami 2,100. Wasu suna yagewa, wasu sun zo a manne, don haka a ɗora kashi uku cikin ɗari, su zama kamar 1,450 da 2,900 da 2,200. Ledar da aka buga sunan gidanka a jiki ita ce ta fi komai jinkirin zuwa, tunda sai an buga ta. Gida zai iya cika da fulawa da sukari, aiki ya tsaya saboda ledar matsakaici ta ƙare. A tambayi mai bugawa kwana nawa yake ɗauka, a riƙa ba shi aiki tun da sauran ledar da za ta kai ninkin waɗannan kwanakin.

Buhu 36 nake bukata, shi ke nan buhu 36 zan yi oda?

A'a. Bukata daban, oda daban. Sai ka shiga sito ka ƙirga abin da ke ƙasa da idonka, ka tuna da wanda ka riga ka biya bai iso ba, sannan ka yanke nawa kake son ya zauna a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Lissafin shi ne: bukatar mako, a tara da ajiya, a cire na sito, a cire wanda ke hanya.

A misalinmu bukata 36 ce. Ajiyar kwana biyu buhu 10. A sito akwai 9, babu komai a hanya. Oda ta zama 37. Sukari kuma: bukata kilo 213, ajiyar kwana biyu kilo 60, a sito akwai buhu ɗaya cikakke da wani buɗaɗɗe da aka auna aka samu kilo 20. Kilo 273 a cire 70, saura 203. Buhu huɗu kilo 200 ne, gibin kilo uku daga ajiya zai fita, babu dalilin ɗaure kuɗi a buhu na biyar.

Girman ajiya ya danganta da inda kake saye. Wanda dilansa ke Babbar Kasuwa a nan cikin gari, ya kira da safe a kawo masa da rana a a-kori-kura, ajiyar kwana ɗaya ta ishe shi. Wanda ke ɗauko kaya daga Kasuwar Singa a Kano don rangwamen sari, dole ya lissafa da lodi da hanya da ranar da mota za ta lalace. In kaya na ɗaukar kwana biyu kafin su iso, to ranar da fulawar sito ta sauko buhu 20 ranar ce ta oda: goma na cin kwana biyun jira, goma na ajiya. A ja layi da alli a bangon sito daidai tsayin buhu 20. Duk yaron da ya ga layin ya bayyana ya san abin da zai faɗa wa maigida.

Takardar haɗi ɗaya za ta yi duk shekara?

Fulawa, sukari, bota da gishiri ba sa canzawa. Ruwa da yis ne ke bin yanayi, kuma yanayin Katsina yana da nisa tsakanin ƙarshensa biyu.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana kai digiri 40, ruwan tanki kansa da ɗumi yake fitowa, injin murji kuma yana ƙara wa kwaɓi zafi. Ana son kwaɓi ya fito daga inji a tsakanin digiri 26 zuwa 28. In ya haura 30 yis yana gudu, kwaɓi ya tashi kafin tanda ta shirya, ya yi tsami, saman burodin ya faɗa ciki. Magani shi ne a rage yis zuwa giram 350 ko 400 a buhu, a maye wani ɓangare na ruwan da ƙanƙara. Ƙanƙarar a cikin kilo 27 ɗin take, ba ƙari ba ce: in ka sa kilo 7 na ƙanƙara, ruwa lita 20 za ka zuba. A farfasa ta ƙanana don ta narke kafin kwaɓi ya haɗe. Ita ma ta shiga jerin sayayya, don buhu biyar a rana kilo 35 ke nan na ƙanƙara, a lokacin da kowa ke nemanta.

A hunturu, Disamba da Janairu, abin ya juye. Da asuba sanyi yana rage wa yis ƙarfi, sai a koma giram 500 har zuwa 600, a kwaɓa da ruwa mai ɗan ɗumi. Iskar ta bushe, fulawa takan ɗauki ƙarin lita ɗaya ko biyu, kuma curin da aka bari a buɗe yana yin ɓawo a sama cikin mintuna, ɓawon ya hana shi tashi ya tsage a tanda. A rufe gwangwanaye da leda mai faɗi. Ƙarin ruwan yana ƙara nauyin kwaɓi, don haka a sake auna abin da buhu ke bayarwa, kada a ci gaba da riƙe 86 da ka.

Da damina burodi ne ke saurin fumfuna, musamman in an sa shi a leda da sauran ɗuminsa, gumi ya taru a ciki. Ƙara magani fiye da abin da aka rubuta a jikin fakitinsa ba ya gyara wannan, sai dai ya ba burodin wani wari ya kuma rage wa yis kuzari. A bar shi ya huce sarai kafin a ɗaure.

Saboda haka takarda uku ake ajiyewa, ta zafi, ta sanyi da ta damina, kowacce da lissafin sayayyarta. Yis kaɗai, tsakanin giram 350 da 600 a buhu, bambancinsa a mako ya kai kusan fakiti 18.

Azumi da Sallah fa?

Kada a ɗauki lissafin watan jiya a ɗora wa azumi. Shayin safe ya tsaya, ciniki ya koma buɗa-baki da sahur, girman burodin da ake nema ma yakan sauya. Tun kafin ganin wata a zagaya wurin masu karɓa a ji adadin da kowa zai riƙa ɗauka, a yi lissafi sabo daga burodi zuwa buhu kamar yadda aka nuna a sama. Kwana ukun farko a riƙa rubuta abin da ya dawo kwantai, a gyara a rana ta huɗu. Na Sallah kuma a kammala sayayya da wuri, don kasuwa da masu mota suna hutu.

Icce da man janareta, a kan buhu ake lissafa su?

Icce a kan hurawa ake lissafa shi. Tandar bulo da ta kwana ta huce tana cin mafi yawan iccenta wajen ɗaukar zafin farko, gashi na biyu da na uku ƙari kaɗan suke so. Shi ya sa ranar buhu biyu iccen kowane buhu ya fi na ranar buhu shida tsada nesa ba kusa ba. Ka auna na mako guda: nawa aka ci a hurawar farko, nawa a kowane ƙari. Man janareta kuma da awa: mintuna nawa kwaɓi da murjin buhu ɗaya ke ɗauka, lita nawa janaretan ke sha a awa. A yi lissafin kamar babu wutar lantarki ko kaɗan, ranar da aka samu ta zama rara.

In na samu fulawa da araha, in cika sito?

Gwargwadon abin da za ka cinye cikin mako uku zuwa huɗu, da damina ma ƙasa da haka. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a rubuta ranar shigowa a jikin kowanne, wanda ya fara shiga ya fara fita. Fulawar da ta sha danshi tana dunƙulewa tana warin rima, wadda ta daɗe kuma ƙwari na shigarta. Ka zuba kaɗan a rariya, za ka gan su.

Yis a cikin fakitinsa mai tauri kamar bulo yana daɗewa. Fakitin da ka taɓa ka ji ya yi laushi iska ta shige shi, kada ka karɓa. Wanda aka buɗe a ƙarar da shi cikin kwana kaɗan. In kana shakka, zuba cokali ɗaya a rabin kofin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Minti goma bai yi kumfa ba, kada ka ba shi amanar buhu.

Wani ya ce akwai hodar da ke kumbura burodi a rage fulawa. In sa ta a takardar?

In buromet yake nufi, kada ka kusance ta. Hukumar NAFDAC ta haramta amfani da ita a burodi saboda illarta ga lafiya, kuma yara ne da magidanta ke cin abin da kake gasawa kowace safiya. Duk sinadarin da aka kawo maka a ƙulle a leda babu suna babu lambar rajista, ka mayar. Imfuruba ta halal tana zuwa da sunan kamfani, lambar hukuma, ranar lalacewa da adadin da ake sawa a buhu.

Takarda ta ce kaza, sito ya ce kaza. Ina zan fara bincike?

Kowane mako, rana ɗaya tsayayya, a ƙirga sito kafin a fara aiki. Abin da ke nan makon jiya, a tara da abin da ya shigo, a cire abin da ke nan yau, shi ne abin da aka ci. Sai a gwada shi da abin da takarda ta ce. Bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. Wanda ya wuce haka yana da dalili, kuma kayan da ya ɓace yakan nuna inda dalilin yake.

A ce takarda ta ce sukari kilo 213, sito ya nuna an ci 240. Kafin a kira kowa, a duba burodin makon. In ɓawonsa ya yi duhu da wuri alhali cikinsa bai gama nuna ba, kwaɓi kuma yana jinkirin tashi, to sukarin a cikin burodin yake, an koma awo da kwano. In burodin bai sauya ba, a auna buhunan da ba a buɗe ba, don buhun da aka farke aka sake ɗinkewa a hanya yakan zo da gibi, kuma ɗinkin hannu ba ya kama da na kamfani.

In fulawa ta tafi daidai amma burodi bai kai adadi ba, wuri uku ake dubawa a jere: nauyin curi ta hanyar gwajin curi goma, ruwan da aka zuba, don kwaɓin da aka rage wa lita biyu ya rasa kilo biyu, burodi huɗu matsakaita ke nan a buhu, ga tauri, sannan tarin ƙonannu da ake turawa gefe ba a rubutawa. In yis ne ke ƙarewa da wuri, a duba ko an bar fakiti a buɗe kusa da tanda ya mutu, mai kwaɓi yana ta ƙara hannu don kwaɓi ya tashi. Leda kuma ita ce mai ba da shaida ta ƙarshe: ledar da aka ci a mako, a cire yagaggu da aka tara a kwali, dole ta zo daidai da burodin da aka rubuta ya fita ƙofa. In an ci leda 6,500, yagaggu 150, littafin fita kuma yana nuna 6,200, akwai burodi 150 da aka ɗaure suka fita ba a rubuta su ba, kuma daga littafin masu kai kaya za a fara dubawa.